Riba ce ko uwar kuɗi kake ci? Tambayoyi da amsoshi kan lissafin ƙaramin shago a ƙarshen wata

Tambayoyin nan na mai ƙaramin shago ne wanda ya riga ya fara raba kuɗin aljihunsa da kuɗin shago, yana so ya tabbatar ko abin da yake kira riba a ƙarshen wata riba ce da gaske. Misali ɗaya za mu bi daga farko har ƙarshe, na wani shagon kayan masarufi. Lambobin na koyarwa ne kawai, ba a ɗaura su da kuɗin wata ƙasa ba, sai ka sa naka a madadinsu.

Kuɗi sun ƙaru a akwati da banki. Ba riba ke nan ba?

Ba lallai ba ne. Kuɗin hannu kan ƙaru ta hanyoyi da dama da ba su da alaƙa da riba. Idan ka sayar da kaya ba ka saro wasu ka cike gurbinsu ba, kuɗi za su taru a hannunka, amma kayanka ne suka koma kuɗi. Idan dila ya ba ka kaya bashi ka sayar ba ka biya shi ba tukuna, kuɗin da kake gani nasa ne. Haka nan idan ka zuba kuɗin aljihunka a shago don cike sari, akwati zai yi nauyi alhali ciniki bai kawo komai ba.

A shagon misalinmu, ranar 1 ga wata akwai 60,000 a akwati da 140,000 a banki, jimla 200,000. A ƙarshen wata akwai 45,000 a akwati da 205,000 a banki, jimla 250,000. Mai shagon ya rubuta cewa ya ɗauki 150,000 na hidimar gida a cikin watan. Sai ya ce a ransa: na ci 150,000, kuma kuɗi sun ƙaru da 50,000, to ribata 200,000 ke nan. Wannan lissafin ne ya fi kowanne yaudarar 'yan kasuwa, domin kowace lamba a cikinsa gaskiya ce, sakamakon ne kawai ba daidai ba.

Kuɗin da na ɗauka don gida, ba kashewar shago ba ne? Me ya sa ba zan cire su daga riba ba?

Kashewar shago ita ce abin da ka biya domin ciniki ya gudana: haya, albashin yaron shago, wuta, kuɗin motar ɗauko kaya, ledoji. Kuɗin cefane, kuɗin makarantar yara, magani da taimakon 'yan uwa ba sa cikin wannan sahun. Waɗannan rabonka ne kake ɗiba daga abin da shagon ya samu. Riba takan samu tukuna, sannan ka ɗiba daga cikinta.

Idan ka haɗa su da kashewar shago, shagon da yake samu sosai zai zama kamar ba ya komai, domin hidimar gida ta rufe ribar. Idan kuma ba ka rubuta su ko'ina ba, za ka ga kuɗi suna raguwa ka rasa dalili, har ka fara zargin wanda bai ji ba bai gani ba. Saboda haka ɗibar mai shago tana da shafinta daban a littafi, kuma wurin lissafin riba mayar da ita ake yi cikin lissafi, ba a cire ta.

Me da me ake ƙirgawa a matsayin ɗibar mai shago?

Duk abin da ya fita daga shago don amfaninka ko na iyalinka. Tsabar kuɗi daga akwati ita ce kowa yake tunawa. Waɗanda ake mantawa su ne transfa daga asusun shago zuwa wani ɗan uwa, katin waya da aka saya da kuɗin ciniki, kyautar da ka yi da kayan shago, da kuma kayan da aka kai gida. Sabulu biyu yau, mai gobe, yaro ya zo ya ce an aiko shi daga gida jibi. Kowanne ƙarami ne a ranarsa, amma a wata sukan taru su kai abin mamaki.

Kayan da ka ɗauka ka rubuta su a farashin sari, wato yadda ka saye su. Kada ka sa farashin da kake sayarwa, domin ba a cin riba a kan abin da mutum ya ɗauka daga nasa. A misalinmu kayan da aka kai gida sun kai 20,000 a farashin sari, don haka ɗibar da ke rubuce ta zama 170,000.

Akwai kishiyar wannan, wato kuɗin da ka zuba a shago daga aljihunka. Mai shagon namu ya ƙara 30,000 a tsakiyar wata da kuɗin sari suka gaza. Wannan ƙarin jari ne, shi ma a rubuta shi a wannan shafin da kwanan wata.

To yaya zan gane ribar gaskiya idan ba na rubuta kowane ciniki?

Akwai hanyar da ba ta buƙatar littafin ciniki na kullum. Kana auna abin da shagon ya mallaka a farkon wata, ka sake aunawa a ƙarshensa. Abin da shago ya mallaka shi ne kayan da ke ciki a farashin sari, da kuɗin akwati, da na banki, da bashin da kake bin mutane, sannan a cire bashin da ake bin shagon. Abin da ya rage shi ne jarinka na zahiri a wannan ranar.

A farkon wata shagon namu yana da kayan 800,000, kuɗi 200,000, yana bin mutane 90,000, diloli kuma suna bin sa 190,000. Jarinsa 900,000 ke nan. A ƙarshen wata kaya sun koma 720,000, kuɗi 250,000, bashin da yake bin mutane ya hau 130,000, wanda ake bin sa kuma ya hau 240,000. Jarinsa yanzu 860,000.

Jari ya ragu da 40,000, amma wannan bai nuna an yi asara ba, domin mai shago ya ɗiba a tsakani. Ga yadda ake haɗa lissafin:

Riba = jarin ƙarshen wata − jarin farkon wata + ɗibar mai shago − kuɗin da ya ƙara

Wato 860,000 a cire 900,000, a ƙara 170,000, a cire 30,000. Abin da ya fito 100,000 ne, rabin abin da mai shagon ya yi zato.

Ina sauran ya shiga? Ƙaruwar 50,000 da ya gani a kuɗin hannu ba ciniki ne kaɗai ya kawo ta ba. Kaya sun ragu da 80,000 ba a cike su ba, bashin diloli ya ƙaru da 50,000, kuma 30,000 kuɗinsa ne da ya zuba da hannunsa. Waɗannan ukun sun kumbura akwati da 160,000. A ɗaya gefen, 40,000 na ciniki ya tafi bashi bai shigo ba tukuna, kayan gida na 20,000 kuma bai sa su a lissafinsa na farko ba. Idan ka cire 160,000 daga 200,000 ɗin da ya yi zato, ka mayar da waɗannan 60,000, a kan 100,000 za ka tsaya.

Dole ne sai na ƙirga kaya? Ai na san shagona.

Dole ne. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a nan kima ba ta wadatar ba. A shagon da ke da kayan 800,000, kuskuren kashi 5 cikin 100 ya kai 40,000, kusan rabin ribar watan gaba ɗaya, kuma ba wanda zai kalli kantoci ya bambance 760,000 da 800,000.

Ka yi ƙidayar bayan an rufe shago a ranar ƙarshe ta wata, ko da sassafe kafin a buɗe, kuma a wannan lokacin ka ƙirga kuɗin akwati, ka duba abin da ke banki, ka haɗa littafin bashi. Idan ka ƙirga kaya ranar Litinin, kuɗi kuma ranar Laraba, cinikin kwana biyu zai shiga lissafi sau biyu, sau ɗaya a matsayin kaya, sau ɗaya a matsayin kuɗi. Ka bi kanta bayan kanta da takarda mai sunan kaya, adadi da farashin sari. Katan da aka fara fasawa a ƙirga abin da ya rage a ciki ɗaya bayan ɗaya. Kayan da wani ya ajiye a wurinka don ka sayar a madadinsa ba naka ba ne, kada su shiga. Ƙidayar wannan watan ita ce mafarin wata mai zuwa, don haka wahalar sau ɗaya ce a wata.

Ina rubuta ciniki da sari kullum. Akwai amfanin sake yin lissafi ta wannan hanyar?

Akwai sosai, domin a nan ne za ka tantance lissafin farko. Hanya ta biyu tana farawa daga ciniki. Shagon namu ya yi cinikin 1,500,000 a watan, har da wanda aka ba da bashi. Ya saro kayan 1,200,000, har da waɗanda bai biya ba tukuna. Don sanin nawa kayan da aka sayar suka ci masa, sai a haɗa kayan farkon wata 800,000 da sarin 1,200,000, a cire kayan da aka kai gida 20,000, a cire kayan da suka rage 720,000. Ya zama 1,260,000. A cire wannan daga ciniki, saura 240,000, wato ribar da ke kan kaya kafin kashewa.

Kashewar watan 115,000 ce: haya 40,000, albashin yaro 45,000, wuta da mota da ledoji 30,000. Riba ta wannan hanyar ta zama 125,000.

Hanya ta farko ta ba da 100,000, ta biyu ta ba da 125,000. Da komai yana rubuce daidai, da lamba ɗaya za su bayar. Giɓin 25,000 ɗin nan yana nuna cewa wani abu ya fita daga shago ba a rubuta shi ba.

Ta yaya zan gano inda giɓin ya shiga?

Ka bi sawun tsabar kuɗin. An fara wata da 200,000. Daga cinikin 1,500,000, abin da ya shigo hannu 1,460,000 ne, tunda bashin da ake bin mutane ya ƙaru da 40,000. Mai shago ya ƙara 30,000. Jimlar abin da ya ratsa hannu 1,690,000. Abin da ya fita kuwa: an biya diloli 1,150,000, domin 50,000 daga cikin sarin ya zauna bashi, an kashe 115,000, mai shago ya ɗauki 150,000. Ya kamata a tarar da 275,000. An tarar da 250,000.

Yanzu an san cewa tsabar kuɗi ce ta yi ɓatan dabo, ba kaya ba. Wurin farko da za a duba shi ne bayanan asusun banki, layi bayan layi, a gwada kowace fita da abin da ke littafi. Sau da yawa a nan ake tarar da transfa ta dare da aka yi wa wani a gida, ko cajin banki da ba a taɓa rubutawa ba. Bayan haka a duba littafin bashi, ko akwai wanda ya karɓi kaya aka sa a ciniki amma ba a rubuta sunansa ba, ko wanda aka soke sunansa alhali kuɗin bai shiga akwati ba. Sannan a duba ƙananan kashewa da aka biya daga akwati babu rasit, kamar kuɗin ɗan dako ko gyaran kwaɗo. Sai an gama waɗannan duka ne zancen hannun wani yake tasowa, kuma shawarata ita ce mai shago ya fara tuhumar aljihunsa, domin shi ne kaɗai yake buɗe akwati ba tare da ya nemi izinin kowa ba.

Abin da aka gano shi zai yanke hukunci. Idan mai shago ne ya ɗauki 25,000 ɗin ya manta, ribar 125,000 ce, ɗibarsa kuma 195,000. Idan kashewar shago ce da ba a rubuta ba, ko kuɗin sun ɓace, ribar 100,000 ce, ɗibarsa tana nan 170,000. Ka lura cewa ta kowace fuska abin da ya ɗiba ya zarce riba da 70,000. Wannan 70,000 ɗin daga uwar kuɗi ya fito, kuma ƙarin 30,000 da ya yi ne ya sa raguwar jarin ta bayyana 40,000 kawai.

Idan hanyoyin biyu suka yi daidai, shi ke nan babu abin da ya ɓace?

A'a, kuma a nan mutane da yawa suke sakin jiki. Hanyoyin biyu duk da ƙidayar kaya ɗaya suke aiki. Idan kaya sun ɓace, ko sun lalace an zubar, ko an sayar da su ba a rubuta cinikin ba kuma kuɗin bai shiga akwati ba, duka lissafin biyu za su ragu tare, su kuma yarda da juna. Ribar da suka nuna gaskiya ce, amma ba za su gaya maka cewa ta fi haka ba da ba a yi ɓarna ba.

Abin da yake tona wannan shi ne ribar da ke kan kaya. A misalinmu 240,000 ce daga cinikin 1,500,000, wato 16 a kowane 100. Idan mai shagon ya san cewa farashin da yake sawa yakan ba shi kusan 20 a kowane 100 na ciniki, to 300,000 ya kamata ya gani, kuma akwai 60,000 da ke buƙatar bayani. Bayanin yana iya zama mai sauƙi. Wataƙila a watan an fi sayen kayan da ribarsu ba ta da yawa, ko farashin sari ya tashi shi bai ɗaga nasa ba, ko ya yawaita ragi. Yana iya zama kuma kayan gida sun fi 20,000 ɗin da aka rubuta. Wata ɗaya ba ya isa a yanke hukunci, amma idan lambar tana sauka wata uku a jere, ka zaɓi kaya biyar ko shida masu tsada da saurin fita, ka riƙa ƙirga su kowane mako kana gwadawa da abin da aka saro da abin da aka sayar. A cikin mako biyu zuwa uku wurin yoyon yakan bayyana.

Ka kula da wani ruɗani da ake yawan yi. Wanda ya sayi abu 100 ya sayar 120 ya ɗora 20 a kan sari, amma a kan ciniki ribarsa ba ta kai 17 cikin 100 ba. Ka tabbatar da ma'auni ɗaya kake gwada watannin.

Bashin da nake bin mutane da kayan da suka yi kwantai, duk jari ne?

A takarda jari ne, a zahiri sai wanda zai dawo. Ka ɗauki littafin bashi ka ware waɗanda suka daɗe babu ko sisi da ya shigo, misali wata uku, da waɗanda mai su ya tashi ko ya daina ɗaga waya. A ce cikin 130,000 ɗin misalinmu akwai 15,000 irin wannan. A cire shi daga riba yanzu. Ba yafewa ka yi ba, ka ci gaba da bin kuɗinka, idan sun shigo daga baya su shiga ribar watan da suka shigo.

Kaya ma haka. Abin da wa'adinsa ya ƙare ko ya lalace ba shi da daraja a ƙidaya. Wanda ya yi kwantai har sai ka karya farashi ƙasa da sari kafin ya fita, ka rubuta shi a kan abin da zai iya kawowa yau. Barin su a tsohon farashi yana kumbura jari, ribar ƙarya ta fito, kai kuma ka ɗibi kuɗin gaske a kanta.

Na biya hayar shekara a wata ɗaya, ko na sayi firiji. Watan ya zama asara ke nan?

A'a. Hayar shekara ta 480,000 ana raba ta gida 12, kowane wata ya ɗauki 40,000, sauran kuma a lissafa shi cikin abin da shago ya mallaka har a cinye shi. Firijin 240,000 da kake sa ran zai yi shekara 4 yana cin 5,000 a wata. Haɗarin ya fi yawa a watannin da ba a biya komai ba, domin riba takan yi kyau a ido, a ɗiba, lokacin haya ya zo babu abin da aka ware. Idan muka ɗauka cewa 25,000 ɗin nan ɗibar mai shago ce, muka cire mataccen bashi 15,000 da rabon firiji 5,000 daga 125,000, ribar da za a iya dogara da ita 105,000 ce.

Farashin sari yana tashi. Yana shafar wannan lissafin?

Yana shafa. Ka sayi katan 10,000, ka sayar da abin da ke ciki 12,000, ka koma sari ka tarar ya zama 11,500. Littafi zai ce ka ci 2,000, amma abin da za ka iya ɗiba ba tare da kantarka ta ragu ba 500 ne. A irin wannan lokacin ka riƙa duba adadin kaya tare da darajarsu. Idan darajar kayan shago tana nan yadda take wata bayan wata amma yawan katan yana raguwa, jarin yana ƙanƙancewa ko da lambobi ba su nuna ba.

Nawa ya kamata in riƙa ɗauka a wata?

Ƙasa da ribar da aka tantance, kuma adadi tsayayye. Ka haɗa ribar wata uku da suka wuce bayan an yi mata gyare-gyaren da muka ambata, ka raba uku, ka yanka wa kanka albashi ƙasa da abin da ya fito. Ka ɗauke shi a rana sananniya, ko sau ɗaya a mako, ka fitar da shi daga akwati da asusun shago gaba ɗaya zuwa naka. Kayan da gida yake buƙata a saye su daga wannan albashin, ko a rubuta su nan take a cire daga ciki. Mai shagon misalinmu, idan watanninsa suna kama da wannan, ba zai iya ci gaba da ɗibar 195,000 a kan ribar 105,000 ba. Giɓin 90,000 a kowane wata zai cinye jarin 860,000 kafin wata 10 su cika, kuma tun kafin nan kantoci za su yi fayau, ciniki ya ragu, ribar ma ta bi shi.

Akwai tambaya ɗaya da ta rage ga wanda yake zaman shagon da kansa. Da wani ka ɗauka ya yi aikin da kake yi, nawa za ka biya shi? A ce 60,000. To daga 105,000 ɗin, 60,000 ladan zamanka ne, 45,000 ne abin da jarin 900,000 ya haifar, wato 5 cikin 100 a wata. Wannan lambar ce za ka duba idan kana tunanin ƙara jari, karɓar bashi don faɗaɗa shago, ko buɗe na biyu da wani zai zauna maka a ciki, domin a can albashin mai zaman shago kuɗi ne da za su fita da gaske kowane wata.